Gyaran ya yi kyau a waya, a takarda kuma asiri ya tonu

Manhajar nan da ake zagaye wani wuri a hoto ta sake zana shi, gaskiya ta burge ni da farko. Hoton wata baiwar Allah ne, faɗinsa fiksel 6000, wato ƙananan ƙwayoyin da ke haɗuwa su ba da hoto, tsayinsa 4000, hasken fitila ya haske mata gilashin tabarau, ga kuma wata inuwa a kumatu. Na zagaye fuskar har zuwa kafaɗa, na ce a gyara. A allon waya abin ya fito tsaf.

Sai da aka buga shi babba na ga ta'asa. Rigarta ana iya ƙirga zarenta, amma fuskar ta yi sumul kamar ta 'yar tsana. Ƙofofin fata sun ɓace, gashin ido ya dunƙule, gira ta yi dishi-dishi.

Dalilin shi ne injin manhajar ba ya zana abin da ya wuce fiksel 1024 a kowane gefe, komai girman wurin da ka zaɓa. Wurin da na zagaye ya kai kusan 3000, don haka ya zana ƙarami, ya ja shi kusan ninki uku, ya liƙa. Fayil ɗin yana nan a 6000 ɗinsa, shi ya sa duba girman hoto ba zai nuna maka komai ba. Sai ka zuƙo shi zuwa kashi 100, ka dubi bakin gyaran: ɓangare ɗaya yana da ɗige-ɗigen nan da kyamara ke bari, ɗayan kuwa fes, kamar an goge.

Da na koma na zagaye gilashin ido ɗaya kawai, wajen fiksel 700, sai labari ya sauya. Manhajar tana haɗawa da ɗan abin da ke kewaye don ta gane launi da haske, to da shi da wurin duk ba su wuce 1024 ba, ba sai ta ja shi ta ƙara masa girma ba ke nan. Na yi ɗaya idon daban, inuwar kumatu daban, na sassauta gefen kowane zaɓi kaɗan, sannan na zuba wa wuraren ɗige-ɗige kaɗan har suka saje da sauran fatar. Wallahi ko ni sai na lalubo inda aka taɓa. A nan kam na sara mata.

Amma fa haushin bai tafi ba. Me zai hana ta yi gargaɗi idan zaɓi ya fi ƙarfinta? Ko layi ɗaya babu. Kuma kowane ɗan gyara sai an cire maka daga kason da ka biya, wato aikin da aka tallata a matsayin dannawa ɗaya ya zama uku. Gashin kai kuwa, da ba ya yankuwa gunduwa-gunduwa ba tare da mahaɗin ya nuna ba, har yanzu da hannu nake gyara shi.