Sharhi a kan wani mai gyaran laftof a Ringim

Ranar da laftof ɗina ya ƙi tashi, na jona caja ban ga ko ɗigon haske ba, fanka ma ba ta motsa ba, sai na yanke cewa injin cikinsa ya ƙone, domin a daren jiya janareton maƙwabcina da muke jan wuta daga gare shi ya yi ta hawa da sauka. Daga ƙauyenmu na hau babur na kai shi wurin wani matashi mai gyara a Ringim.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sukundireba ba. Cajar ya karɓa, ya juya bayanta ya nuna mini rubutun da ke jiki, 19.5V da 3.33A, wato wat 65 ke nan. Ya jona ta a soket ɗin da ya tabbatar yana da wuta, ya saita mitarsa a kan DC, ya ɗora baƙin tsinke a bayan bakin cajar, jan kuma a bangon ciki, yana kaffa-kaffa kada ya haɗa shi da siririyar allurar tsakiya. Mita ta nuna sifili. Ya canza wayar da ke zuwa bango, saboda fis ɗin kanta yakan ƙone shi kaɗai, amma sakamakon bai sauya ba. Ya ce, "Malam, cajarka ta mutu, batirin kuma ya ƙare ƙarƙaf ba ka sani ba."

Da ya jona tasa cajar mai irin wannan lamba, laftof ɗin bai amsa ba, gabana ya faɗi. Shi kuwa sai ya zare cajar, ya cire batirin, wanda a nawa daga waje ake zare shi, ya danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ta maƙale a ciki ta fita, sannan ya jona caja kaɗai. Nan take fitilar gefe ta kama. Ya bayyana mini cewa akwai cajojin da ke da fitila a jiki, idan ta mutu da zarar an cusa bakin a laftof, to wuta ce ta haɗe a cikin laftof ɗin, sai an buɗe shi. Da aka mayar da batirin, ya ɗauki mintuna kafin ya fara karɓar caji.

Inda ya gaza shi ne cajar da ya sayar mini. Lambobinta daidai ne, amma ba ta da nauyi ko kaɗan, tana zafi har ba ta riƙuwa bayan awa guda, kuma bai gaya mini cewa ba ta asali ba ce. Bincikensa zan sake nema, caja kuwa a Kano zan sayo wata.