Manhajar saye ko Google Sheets: wanne zai riƙe maka lissafin sito?

"Salamu alaikum jama'a. Ina da shagon kayan masarufi a Wunti, ina saro kaya daga Kano. Sau da yawa sai kwastoma ya zo sannan nake sanin abu ya ƙare. Wani ya kawo min tallan manhaja da ake biya duk wata, wani kuma ya ce in bari a haɗa min a Excel ko Google Sheets. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ɗauki Google Sheets. Manhajar da Sheets duka na yi aiki da su a nawa shagon da ke kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi, kuma ɗayan ne kawai ya zauna.

Manhajar dai ba zan ce ba ta da amfani ba. In kana da babban kanti mai masu karɓar kuɗi biyu ko uku, da na'urar da ke karanta lambar jikin kaya tana fitar da rasit, to nan ne wurinta. Wadda na saya, ranar da kuɗin wata ya ƙare sai ta kulle, lissafina yana ciki ina kallo ba ni da iko da shi. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Shi kuwa Sheets, abin da ya sa na ƙaunace shi ya faru ne gab da azumi. Ina Kano a kasuwar Singa, na gama sari har an fara lodi, sai na buɗe waya na ga gidan sukari ya yi ja. Da safe da na baro Bauchi lafiya lau yake, ashe wani mai shayi da wani mai burodi sun kwashi buhuna da rana, yaron shago ya rubuta, adadin ya sauka ƙasa da iyakar da na sa. Nan take na ƙara sukari a motar da ba ta riga ta tashi ba. Da littafi ne, sai na dawo gida zan gani, kuma a makon farko na azumi kowa ya san yadda sukari yake yi.

Amma ka sani, ba sunan Sheets ne ke yin aikin ba, tsarin ne. Shafuka uku ake buɗewa a fayil ɗaya: Kaya, Shiga, da Fita. Dokar da komai ya rataya a kanta ita ce, ba wanda zai taɓa adadin abin da ya rage da hannunsa. Kaya sun sauka daga mota, a rubuta a Shiga. Kaya sun bar shago, a rubuta a Fita. Saura kuma fomula ce za ta fitar da shi. Mutane da yawa shafi ɗaya suke yi, in an sayar da katan biyar sai a goge 50 a rubuta 45. Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, ba ka da inda za ka bi sawu, domin an goge sawun.

A Shiga da Fita jeri huɗu sun isa: A kwanan wata, B lambar kaya, C adadi, D bayani. A Shiga bayanin shi ne wurin wa aka saro da lambar rasit. A Fita kuwa dalili ne, kuma ina roƙonka kada ka raina wannan jerin. Ba ciniki kaɗai ke fitar da kaya daga shago ba. Akwai bashi, akwai wanda ɓera ya ci ko ruwa ya taɓa, akwai katan ɗin da aka kai gida, akwai sadaka. Duk wanda ba a rubuta ba, yaron shago ne ake zargi da shi ƙarshen wata, alhali wataƙila a tukunyar gidanka ya ƙare.

A shafin Kaya kowane abu layi ɗaya yake da shi: A lamba, B suna, C abin da ka ƙirga ranar da aka fara, D jimillar shiga, E jimillar fita, F saura, G iyakar sayowa, H gargaɗi. Ga abin da za a rubuta a layi na biyu, sannan a ja shi ƙasa:

```
D2: =SUMIF(Shiga!B:B,A2,Shiga!C:C)
E2: =SUMIF(Fita!B:B,A2,Fita!C:C)
F2: =C2+D2-E2
H2: =IF(F2<=G2,"A SAYO","")
```

Jan launin kuma ta Conditional formatting ake sa shi a jerin H, aikin minti biyu ne.

Inda ake buƙatar tunaninka shi ne gidan G, don babu manhajar da ta san hanyar Kano zuwa Bauchi kamar kai. Mu ɗauki taliya. A ce kana sayar da katan 6 a rana. Daga ranar da ka buga wa dilanka waya zuwa ranar da aka sauke kaya a ƙofar shago, kwana 4 ne, in an haɗa da jiran mota ta cika. To a cikin kwanakin jiran nan za ka sayar da katan 24. Sai ka ƙara na kwana biyu, katan 12, saboda mota tana iya lalacewa a Ningi ko dila ya ce sai gobe. Iyakarka ta zama 36. Yanzu a ce ka fara da katan 50, aka kawo 100, aka fitar da 118. Saura 32, ya gaza 36, sai H ya rubuta A SAYO. Ka ga katan 32 a sito ido zai ce maka akwai kaya, amma lissafi ya san kwana biyar da 'yan awoyi ne kawai a ciki, hanya kuma za ta ci huɗu.

Wannan lambar ba ta dindindin ba ce. Iyakar sukari da madara da man gyaɗa a Sha'aban ba ita ce ta bayan sallah ba, haka abin da kake saye a nan cikin gari a kawo maka yau ba ya buƙatar iyaka irin ta kayan Kano. Ni duk wata nake duba jimillar abin da ya fita, in raba da kwanakin da aka buɗe shago, in gyara G. Kuma gargaɗin zai ci gaba da ja har sai kaya sun sauka, don haka ka ƙara wani jeri a gefe inda za ka rubuta ranar da ka yi oda, kada kai da ƙaninka ku sayo abu ɗaya sau biyu.

Jerin F yana faɗa maka abin da ya rage yanzu. In kana son kowane layi a Fita ya nuna abin da ya rage bayan wannan fitar, wato ka iya cewa ranar Talatar da ta wuce taliya nawa ce a sito, sai a sa wannan a E2 na shafin Fita:

```
=SUMIF(Kaya!A:A,B2,Kaya!C:C)+SUMIFS(Shiga!C:C,Shiga!B:B,B2,Shiga!A:A,"<="&A2)-SUMIF(B$2:B2,B2,C$2:C2)
```

Alamar $ ɗin nan ita ce ta ɗaure farkon lissafin a layi na biyu, ƙarshensa kuma yana sauka tare da kai. In layuka suka kai dubbai za ka ji waya ta fara nauyi. Maganinsa, duk shekara ko rabin shekara ka ƙirga sito, ka buɗe sabon fayil, ka zuba abin da ka ƙirga a jerin C.

Abubuwa biyu ne suke ɓata wannan tsarin, kuma duka daga hannun mai rubutu suke. Na farko suna. In yau an rubuta taliya, gobe taliyar Kano, jibi an bar fili bayan kalmar, SUMIF zai tsallake su ba tare da ya ce maka komai ba. Alamarsa, ana ta ciniki amma saura bai motsa ba. Shi ya sa ake ba kowane abu gajeriyar lamba irin TL01, sannan a sa Data validation a jerin B na Shiga da Fita, yaro ya riƙa zaɓa daga jerin maimakon ya rubuta da kansa.

Na biyu ya fi cin mutane: katan da ɗaiɗai. Katan ɗin taliya mai giram 500 guda 20 ne a ciki. In lissafinka na katan ne, yaro ya sayar da guda biyar ya rubuta 5, shafi zai cire katan biyar, wato guda 100, alhali biyar suka fita. Sai ka ga gargaɗi ya yi ja sito kuma a cike, ko ma saura ya koma ƙasa da sifili. Duk lokacin da ka ga alamar ragi a jerin F, ko dai an sauke kaya ba a rubuta a Shiga ba, ko an cakuɗa ma'auni. In kana sayar da ɗaiɗai, ka yi komai da ɗaiɗai, katan ɗaya ya shiga a matsayin 20. Ko kuma ka ba katan lambarsa, ɗaiɗai lambarsu, duk sanda aka fasa katan a rubuta fita 1 a wannan, shiga 20 a wancan. Ni na biyun nake yi.

Kuma ƙirga da hannu bai faɗi ba. Duk Juma'a da safe ka zaɓi abu goma masu gudu, ka ƙirga, ka gwada da F. In akwai bambanci kada a gyara C, a rubuta shi a Fita ko Shiga da bayanin gyaran ƙirga, don in abu ɗaya ne kullum yake gaza, ka san inda za ka sa ido.

Tsakanin Excel da Sheets, fomulolin nan duka suna aiki a kowanne. Excel a kwamfuta ba ya neman data, ya dace da wanda yake zaune a shago kullum. Kai da kake tafiya sari, Sheets ya fi maka: kyauta ne ga mai asusun Google, kai da yaro kuna ganin fayil ɗaya, za ka iya kulle shafin Kaya ta Protect sheets and ranges, kuma Version history yana nuna wanda ya canza abu da lokacin da ya canza, muddin kowa da asusunsa yake shiga. In sabis ya ɗauke, a rubuta a takarda a shigar da yamma, kada a bari ya kwana.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu yawo kasuwa da wannan sana'a. Wani zai haɗa maka fayil a cikin imel ɗinsa, ya ba ka izinin shiga kawai, ranar da kuka saɓa ya rufe. Wani zai kulle fomuloli da lambar sirri da shi kaɗai ya sani, ko sabon kaya za ka ƙara sai ka biya shi. Wasu kuma manhajar sata suke sa wa mutane su ce ta har abada ce. Wanda zai haɗa maka, ya zauna a gabanka ya yi a asusunka, kai ne mai fayil, lambar sirri a hannunka. In ma manhajar ka nace sai ita, kafin ka ba da ko sisi ka ce ya fitar maka da lissafin gwaji a Excel ko CSV kana kallo. In ya fara kame-kame, ka sallame shi.

Ka fara da kaya ashirin da suka fi gudu a shagonka, ka ƙirga su ranar da babu cunkoso, sauran ka riƙa ƙara su a hankali in yaron ya saba. Allah Ya sa albarka a kasuwa.