Gashi yana zuba: gwajin feritin, ƙwayar ayon ko bitamin D, wanne ya cancanci kuɗinki?

Mace idan ta ga gashi yana cika mataji duk ranar tsifa, ko makitsiya ta ce mata kitson ya soma sirancewa, yawanci kantin magani take fara nufa. A can za ta tarar da ruwan maganin ƙarin jini, da ƙwayoyin gyaran gashi masu kwali mai ƙyalli, da bitamin D, kowanne da alkawarinsa. Shawarata ita ce kuɗin farko ya tafi ɗakin gwaji, domin sakamakon gwajin ne zai nuna wanda za ki saya da wanda za ki bari a kan kanta.

Kafin gwajin ma, ki duba irin zubar. Ƙarancin ayon, wato sinadarin da jiki yake ƙera jini da shi, yana sa gashi ya ragu a duk faɗin kai, kuma silin da ya faɗo za ki gan shi da tsawonsa, da ɗan farin kai a gindinsa. Guntayen da ba su da wannan farin kai karyewa ce, ta man saki ko zafin abin miƙar da gashi. Idan gaban goshi da gefen kunne ne suka ja baya, matsattsen kitso da nauyin ƙarin gashi ne, kuma babu ƙwayar da za ta gyara shi muddin ana ci gaba da ja. Idan kuwa wuri guda ne ya zama fili sumul, ko tsakiyar kai tana zafi da ƙaiƙayi tana sheƙi, wannan aikin likitan fata ne, kuma jinkiri yana iya sa tushen gashin ya mutu. Zubar da ke zuwa wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa ko bayan zazzaɓi mai tsanani ita ma daban ce, galibi tana tsayawa da kanta, sai dai ƙarancin ayon yana iya jan ta ta daɗe.

Gwajin da aka fi sani a wurinmu shi ne PCV ko hemogulobin, wanda ake cewa an auna jini. Yana da arha, ana samunsa kusan ko'ina, amma shi kaɗai bai isa ba. Jiki yana da rumbun da yake ajiye ayon, feritin kuma shi ne ma'aunin abin da ya rage a rumbun. Idan ayon ya fara ƙaranci, jiki yana ɗiba daga ajiyar don ya ci gaba da ƙera jini, saboda haka feritin yana faɗuwa tun da daɗewa kafin hemogulobin ya motsa. Mace tana iya samun hemogulobin giram 12 ko sama, wato abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ɗauka daidai ga wadda ba ta da ciki, a ce mata jininta lafiya lau, alhali ajiyar ta ƙare. Tushen gashi yana cikin sassan jiki masu saurin girma, amma rai bai dogara da shi ba, don haka yana cikin waɗanda ake fara tsuke wa rabo.

Saboda haka abin da za ki nema shi ne cikakken ƙidayar jini tare da feritin. Karanta sakamakon yana buƙatar natsuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar feritin ƙasa da 15 a matsayin ƙaranci ga babba mai lafiya, likitoci da yawa suna aiki da 30, wasu likitocin fata kuma suna son ya haura 40 idan gashi ne damuwar. Takardar ɗakin gwaji sau da yawa tana nuna cewa daga 10 ko 12 zuwa sama daidai ne, shi ya sa mace mai 14 take komawa gida tana ganin ba ta da matsala. Akwai kuma tarko na biyu: feritin yana tashi idan akwai zazzaɓin cizon sauro, ko wani ciwo mai kumburi, ko matsalar hanta. Kada ki je gwajin kina cikin zazzaɓi ko kin tashi daga shi a makon nan. Idan likita yana zargin kumburi zai haɗa da gwajin CRP, domin a wannan hali hukumar ta ce ko feritin ƙasa da 70 yana iya zama ƙaranci. Idan kuɗi ya ragu, gwajin TSH na maƙoƙo ne na gaba, musamman ga mai jin sanyi, kasala da canjin nauyi.

A ɗauki misalin mace mai shekara 32, 'ya'ya uku, al'adarta tana kai kwana takwas da gudajin jini, tana shan shayi da kowane karin kumallo, tana yawan tauna ƙanƙara. Hemogulobin ɗinta 12.3, feritin 11. Wannan ba ta da abin da ake kira ƙarancin jini, amma tana da ƙarancin ayon sarai, kuma kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa yana cikin alamunsa. To, me za ta saya?

A nan ne karanta bayan kwali yake da amfani. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe nauyin gishirin maganin ce, ainihin ayon ɗin da ke ciki bai kai haka ba. Feros salfet mai miligiram 200 yana ɗauke da ayon miligiram 65. Feros fumaret mai 200 shi ma kusan 65 ne. Feros gulukonet mai 300 kuwa 35 kawai yake da shi, abin da ya sa ake cewa ya fi sauƙi a ciki. Dukkansu suna aiki, kuma feros salfet, mafi arha a cikinsu, shi ne wanda likitoci suka daɗe suna farawa da shi. Ruwan maganin ƙarin jini yana da daɗin sha, ya dace da mai ƙin haɗiyar ƙwaya, amma yawan ayon a cokali ya bambanta ƙwarai daga kwalba zuwa kwalba, kwalbar tana ƙarewa da wuri, yana kuma iya baƙanta haƙora. Ki lissafa ayon nawa ke cikin cokalin da aka ce ki sha, ki kwatanta da 65, sannan ki duba kwalabe nawa za ki saya a wata uku. Akwai kuma masu tsada irin su ayon folimaltos, waɗanda wasu suka fi jurewa. Ina ganin su a matsayin zaɓi na biyu, ga wadda mai arhar ya hana sakat. Kowanne kika ɗauka a Najeriya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Yadda ake sha ya kusa kai abin da aka saya muhimmanci. A da ana ba da ƙwaya sau uku a rana. Yanzu an gane cewa kowace ƙwaya tana sa hanta ta saki wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke rage tsotsar ayon a hanji har kusan kwana guda. Don haka ƙwaya ɗaya a rana, ko ɗaya a tsallake rana, tana isar yawancin mata, tashin zuciya da taurin bayan gida kuma suna raguwa. Matar misalinmu za ta sha tata da sassafe da ruwa ko ruwan lemu, ta bar shayi, madara da nono su jira awa ɗaya zuwa biyu. Maganin gyambon ciki mai kashe tsami yana rage tsotsar, ayon kuma yana hana wasu magunguna aiki, kamar na maƙoƙo da sifurofuloksasin mai kashe ƙwayoyin cuta, sai a raba lokacinsu bisa shawarar mai harhaɗa magani. Bayan gida zai yi duhu, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne yaro ya samu kwalin, domin ƙwayoyin nan jajaye masu kama da alewa suna iya kashe ƙaramin yaro. A sa su inda hannu ba ya kai.

Kuma dole ta ga likitan mata a kan al'adar kwana takwas ɗin nan. Idan ƙarin mahaifa ne ke zubar da jinin, ko tsutsar ciki, ko haihuwa kusa da kusa, ƙwayar za ta cika ajiyar ne kawai ta sake tsiyayewa. Mai sikila, musamman wadda aka sha yi wa ƙarin jini, kada ta taɓa ayon sai da gwaji da izinin likitanta, domin ita yawansa ne ke iya yi mata illa. Ayon na jijiya, wanda ake sawa a asibiti, na wadda cikinta ya ƙi ƙwaya ne ko wadda ba ta tsotsarsa.

Bitamin D labarinsa ya fi rauni, kuma gara a faɗi gaskiya. An sha samun cewa mata masu zubar gashi suna da ƙarancinsa fiye da sauran, amma hujjar cewa shan sa yana dawo da gashi ba ta kai ƙarfi ba. Gwajinsa yana da tsada, don haka na fi ganin dacewarsa ga wadda ba ta cika shiga rana ba, ko mai ciwon ƙashi da raunin cinyoyi, ko 'yar'uwarmu da ke zaune a Turai. Zama a ƙasa mai rana ba kariya ba ce ga mai wuni a ɗaki ko ofis, domin hasken da ke sa fata ta ƙera shi ba ya ratsa gilashi da tufafi, baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da fara. A sakamakon, ƙasa da 12 ƙaranci ne bayyananne, 20 zuwa sama ya isa ga yawancin mutane, idan da nanogiram aka auna. Wurin saye, nau'in D3 ya fi D2 ɗaga bitamin ɗin a jini, ana sha da abinci mai maiƙo. IU shi ne ma'aunin ƙarfinsa a kwali: mai IU 1,000 zuwa 2,000 na kullum ne, iyakar da aka sa wa babba kuma 4,000 ce a rana. Mai 50,000 na mako-mako ne, na makonni shida zuwa takwas, da takardar likita. Shan sa kullum bisa kuskure yana tara kalsiyam a jini har ya taɓa ƙoda.

Ƙwayoyin gashi, fata da farce su ne na ƙarshe a jerina. Yawancin masu kama da alewar taunawa ba su da ayon ko kaɗan. Abin da suke taƙama da shi wani bitamin ne mai suna bayotin, sau da yawa maikurogiram 5,000 ko 10,000, alhali buƙatar babba 30 ce, ƙarancinsa kuma ba kasafai ake samu ba. Yana kuma rikita sakamakon wasu gwaje-gwaje, har da na maƙoƙo da na ciwon zuciya, abin da ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017. Idan kina sha, ki faɗa kafin a ɗebi jininki.

Sai haƙuri, wanda nan ne mata da yawa suke sarewa. Silin da ya riga ya shiga hutu sai ya faɗi, hutun kuma kusan wata uku ne, don haka matar misalinmu za ta ci gaba da ganin gashi a mataji ko da maganin yana aiki. Kasala ce ke fara sauƙi. Zubar takan ragu bayan wata uku zuwa shida, sabon gashi kuma bai wuce kusan santimita ɗaya yake yi a wata ba. Ta maimaita feritin bayan wata uku. Idan bai tashi ba, a duba shayin, a duba jinin al'adar, a duba ko tana shan ƙwayar yadda aka ce. Idan ya tashi ya haura 40 amma tsagar kai tana ƙara faɗi bayan wata shida, to akwai wani dalili ban da ayon, mai yiwuwa sanƙon mata na gado, kuma maganinsa yana wurin likitan fata.