Maɗaurin gwiwa mai ƙarfe a gefe: ya yi mani aiki, amma ba kowane ciwo yake wa magani ba

Maɗaurin da nake magana a kai shi ne wanda ƴan farmasi ke kira jenuyer, amma ba mai roba zalla da ake zurawa kamar safa ba. Wannan yana da ƙarfe biyu, ɗaya a kowane gefen gwiwa, da mahaɗa mai lanƙwasawa a tsakiya, da igiyoyi masu mannewa a cinya da ƙwauri. Na sa shi kusan wata biyu bayan rauni a ƙwallon unguwa nan Damagaram, kuma hukuncina shi ne: ga ciwon da aka yi shi dominsa, ya cancanci kuɗinsa. Ga wani ciwon kuwa, asarar kuɗi ce, har ma yana iya yaudarar mutum.

Nawa raunin ya zo ne ta hanyar karo. Ƙafata na kafe a ƙasa, wani ya faɗo mani ta gefen waje, gwiwar ta lanƙwashe ciki. Zafin ya tsaya wuri guda, a gefen ciki, inda gwiwoyi biyu ke haɗuwa in mutum ya tsaya. Kumburin bai yi yawa ba, kuma na iya takawa da ɗingishi. Hoton radiyo ya fito lafiya lau, wanda ba abin mamaki ba ne, don ƙashi yake nunawa, ba jijiya ba. Hannun lokotoro ne ya gano matsalar. Ya kwantar da ni, ya ɗan lanƙwasa gwiwar kamar digiri 30, ya riƙe cinya, ya tura ƙwaurin waje. Gefen ciki ya ɗan buɗe fiye da na ɗayar ƙafar, sannan ya tsaya cak. Ya ce, "Malam, jijiyar gefen ciki ce ta yage, amma ba ta tsinke gaba ɗaya ba. Tunda ta tsaya mani a hannu, ba sai an yi aiki ba."

Sai an san ginin gwiwa kafin a gane abin da ƙarafan nan ke yi. Jijiyoyi huɗu ne manya ke ɗaure ƙashin cinya da ƙasusuwan ƙwauri. Biyu suna gefe, ta ciki da ta waje, su ke hana gwiwa kaucewa dama ko hagu. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna: ta gaba tana hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba da murɗawa, ta baya tana hana shi zamewa baya. Tsakanin ƙasusuwan kuma akwai guringuntsi biyu, na ciki da na waje, da ke zaune kamar gammo, suna raba nauyin jiki don kada ƙashi ya daki ƙashi wuri guda.

Ƙarafan maɗaurin suna kwance daidai inda jijiyoyin gefe suke, don haka aikinsu suke karɓa. Gwiwa na lanƙwasawa tana miƙewa, amma ba ta kaucewa gefe, sai jijiyar ta samu hutun da za ta haɗe. Kuma ta gefen ciki tana haɗewa da kanta, domin tana wajen ramin gaɓar, jini na isarta sosai. Yagewa irin tawa takan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokacin fiye. Abin da na fi yaba wa maɗaurin shi ne bai sandare mani ƙafa ba. Na ci gaba da takawa, na ci gaba da motsa jikin da kine, wato mai horar da gaɓoɓi bayan rauni, ya ba ni: matse tsokar cinya ƙafa a miƙe, ɗaga ƙafa daga kwance, daga baya keke. Da ƙulle ƙafar aka yi cif na makonni, da cinyar ta rame, gaɓar ta ƙage, kuma gyaran wannan ya fi wuya.

Inda iyakarsa ta fito mani fili shi ne kan ɗan yayata. Shi babu wanda ya taɓa shi. Yana gudu da ƙwallo, ya kafe ƙafa zai juya, ya ji ƙara a cikin gwiwar, ya faɗi. Kafin magariba gwiwar ta cika tim. Kumburi mai saurin nan, cikin ƴan awoyi, yawanci jini ne ya taru a gaɓar, kuma in ya haɗu da ƙara da juyawa ba tare da karo ba, jijiyar gaba ta tsakiya ake fara zargi. Da kumburin ya sauka sai ya zo ya ce, "Kawu, ara mani abin nan naka in koma fili." Ya ɗaura, ya ji daɗin tafiya, ya koma wasa, gwiwar ta sake subuce masa a juyi. Ƙarfe a gefe ba ya hana ƙashin ƙwauri murɗawa a ƙarƙashin na cinya yadda jijiyar ke yi. Da aka gwada shi, aka riƙe cinya aka jawo ƙwaurin gaba, sai ya taho ba tare da tsayawa ba. Hoton IRM, wanda ke nuna jijiya da guringuntsi, ya tabbatar jijiyar gaba ta tsinke, kuma guringuntsin ciki ma ya tsage.

Wannan ne ya fi tsaya mani a rai. Jijiyar gaba tana cikin ruwan gaɓa, in ta tsinke gaba ɗaya ba kasafai take haɗewa ba. Mai son komawa wasan juyi sau da yawa sai an dasa masa wata daga agarar jikinsa, sannan ya yi wajen wata 9 yana horo. Kowace subucewa kuwa guringuntsi ke sha, musamman na ciki, wanda ke manne da jijiyar gefe, ba ya iya gocewa ya kauce wa matsi kamar na waje. Shi kuma bakinsa na waje kaɗai ke samun jini sosai, don haka tsagewar da ke can ciki ba ta warkewa da sauƙi. Alamarsa daban ce: kumburi a hankali, sai washegari, zafi daidai layin da ƙasusuwa suka haɗu, wahalar tsuguno da zaman tahiya, wani lokacin gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa. Gwiwar da ta maƙale haka, asibiti take so da wuri, ba ɗauri ko ja ba.

Ta fuskar amfani na yau da kullum, yana da nasa aibin. A zafinmu yana tara gumi, bayan gwiwa ya yi ƙaiƙayi, sai na riƙa sa ƙyalle mai laushi a ƙarƙashi. Ƙura na cika igiyoyin su daina kamawa, sai an goge su da buroshi. Yana kuma zamewa ƙasa, kuma da zarar mahaɗar ƙarfen ta sauka daga saitin tsakiyar ƙoƙon gwiwa, kariyar ta ragu sosai. Don haka a auna kaurin cinya kafin saye, kamar santimita 15 sama da ƙoƙon gwiwa, a gwada shi a tsaye, a yi ƴan taku a wurin. A fara ɗaure igiyar da ke ƙasan gwiwa, don ita ke riƙe shi kan tsokar ƙwauri. In ƙafa ta fara kumbura ko yin sanyi ko mutuwa, ya matse da yawa, a sassauta nan take.