Sharhina kan man darbejiya na feshin shuka

Na jima ina amfani da man darbejiya na kwalba a kan kabejina da tumatir, kuma ina yawan ganin mutane suna cewa wai ba ya aiki, sun fesa da yamma da safe sun tarar da tsutsa tana nan da ranta. Gaskiya ne za ka same ta da rai. Amma ka duba bakinta, ta daina ci.

Abin da ke aiki a cikin man sunansa azadiraktin, kuma bishiyar ta fi tara shi a cikin ƙwallon 'ya'yanta don kada kwari su cinye mata iri. Kowace shuka da irin makaminta, tunda ba ta da ƙafar gudu. Wasu tanin suke yi, shi ne baurin nan da ke kama maka baki in ka ciji ɗanyen ɗan itace, yana manne wa furotin ne sai dabba ta ji abin ba daɗi kuma ya yi mata wuyar narkewa. Wasu kuma alkaloyid, kamar nikotin na ganyen taba wanda ke bugun jijiyar ƙwaro nan take ya faɗi, amma fa yana bugun ta mutum ma har ta fata yana shiga, shi ya sa ban yarda da jiƙon taba a lambu ba ko kaɗan. Azadiraktin ba ya cikin waɗannan biyun, hanyarsa daban ce. A 1959 wani masanin kwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta cinye komai a Sudan ta bar darbejiya tsaye da ganyenta, sai a 1968 aka ware sinadarin a Ingila.

Abu biyu yake yi wa ƙwaro, yana kashe masa sha'awar ci, sannan yana rikita sinadarin jikinsa da ke sa shi saɓa. Tsutsa ba ta girma sai ta tuɓe tsohuwar fata, to in ta ci ganyen da aka fesa sai saɓar ta gagara. A kan kabejina na ga haka da idona, tsutsar ta lafe a jijiyar ganye ba ta motsi sosai, kashinta kore da ke zuba a tsakiyar shuka ya ragu, bayan 'yan kwanaki ta yi baƙi ta motse tsohuwar fatar na maƙale a rabin jikinta. Ramukan da ta riga ta huda suna nan ba sa toshewa, saboda haka sabon ganye nake dubawa, in ya fito lafiya lau to magani ya ci.

Yadda nake haɗawa, mililita 5 na mai a ruwa lita 1 mai ɗan ɗumi, da sabulun ruwa kamar mililita 1 zuwa 2. Sabulun dole ne, in babu shi man sama yake tasowa, farkon feshi ruwa zalla ƙarshensa mai zalla ya ƙona maka ganye. In ya haɗu daidai fari yake yi ba ɗigon mai a kai, kuma kana feshi kana girgiza kwalba. Bayan ganye ake bi don can suke ɓuya.

Inda yake ba ni haushi shi ne rashin jimawa. Hasken rana yana lalata azadiraktin cikin 'yan kwanaki, ruwan sama ya wanke shi, wanda ka haɗa ma in ya kwana ƙarfinsa ya ragu, dole duk mako ka sake sabo har kwarin su yi sauƙi. Da rana tsaka kuma kada ka kuskura, ganye zai yi tabo ruwan ƙasa, yamma ce lokacinsa, sannan ƙudan zuma sun koma gida. Ga wari kamar tafarnuwa da ta lalace, kuma in an yi sanyi daskarewa yake a kwalba sai ka tsoma ta a ruwan ɗumi. Manyan kwari masu tauri da suka gama girma kuwa bai cika damunsu ba tunda sun wuce saɓa.

Sai batun saye, nan ake cutar mutane. Akwai man da aka tace aka cire masa kusan duk azadiraktin ɗin, shi sai dai ya lulluɓe ƙananan kwari masu laushi ya toshe musu numfashi, ko ya rage farar hodar nan ta cuta da ke hawa ganye, amma tsutsa ba za ta fasa ci ba. Ka nemi wanda aka matse ba a dafa ba, ko wanda aka rubuta adadin azadiraktin a jikinsa, za ka ga kamar 300 ppm ko 1500 ppm, wato kashi 300 ko 1500 cikin miliyan, in mai ƙarfi ne ka bi ma'aunin da ke jikin kwalbar ka bar nawa.

Zan ci gaba da saye. Amma ga wanda zai fara feshi tun tsutsa tana ƙarama ne, wanda gonarsa ta riga ta cika da manya wannan ba zai cece shi ba.