Tankin lita 1000 ko na lita 2000 ga gida mai mutum takwas?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu takwas ne a gida a nan Marwa: ni da maiɗakina, da mahaifiyata, da yara biyar. Ruwan famfo da dare yake zuwa mana, wani lokaci ya yi dare biyu bai zo ba. Da bokiti muke wanka, muna da masai na tsakar gida da bayan gida ɗaya mai tukunyar kora ruwa. Mai shago ya ce tankin lita 1000 ya ishe ni, mai gyaran famfo ya ce sai 2000. Wanne zan ɗora a saman ɗaki?"

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka saurari ko wannensu, sai ka san lita nawa gidanka ke sha daga asuba zuwa kwanciya, domin yawan kawuna kaɗai ba ya faɗin girman tanki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum ɗaya a rana a matsayin na lallaɓawa, lita 50 matsakaici, lita 100 kuma na gidan da famfo ke gudu a kowane lungu. Ka ga mutum takwas ɗin nan na iya cin lita 160, suna kuma iya cin 800. Tazarar ta yi yawa a sayi tanki a kanta.

Bari in ƙiyasta maka da watannin zafi, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Marwa ke haura digiri 40, don tankin da ya fitar da kai Afrilu zai fitar da kai sauran shekara. Wanka shi ne babban maciyi: bokitin lita 15, safe da yamma, mutum takwas, lita 240 ke nan. Tukunyar bayan gida irin ta da tana zubar da wajen lita 9 a ja ɗaya, in an ja sau 12 a yini lita 108 sun tafi. Girki da wanke-wanke ka sa 60. Alwala da tsarki 40, wato buta biyu zuwa uku ga kowa. Sha 32. Wankin kaya ba kullum ba ne, amma in ka raba na mako a kan kwana bakwai zai kai 50 a gida mai yara biyar. Share-share da yayyafa tsakar gida 20. Jimla lita 550, kusan 70 ga kowane mutum.

Wannan ƙiyasina ne daga nesa, naka na gaskiya yana jikin mitar ruwanka. Ka rubuta baƙaƙen lambobin yau, ka sake dubawa bayan mako biyu. Ka cire lambar farko daga ta biyu, kowace lamba ɗaya ta bambancin lita 1000 ce, sai ka raba a kan kwana 14. In kuwa da jarkoki kuke tara ruwa, Hajiya ta fi mita sani: ta ƙirga maka jarka nawa ake juyewa a yini, ka ninka da 20 ko 25 gwargwadon jarkar. Sai dai ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da ta faɗa. Ruwan da aka ɗauko a ka ana tattalinsa, ranar da ya fara zubowa daga kan famfo yara ba sa ƙirga shi.

Yanzu ga tankunan biyu. Abin da aka rubuta a jikin tanki ba shi ne abin da za ka sha ba. Bakin fitar ruwa yana sama da gindin tankin da 'yan santimita, don laka ta kwanta a ƙasa, ƙwallon da ke rufe ruwa in ya cika kuma yana tsayar da shi kafin ya kai wuya. Tsakanin waɗannan biyu kashi ɗaya cikin goma ya tafi. Na 1000 zai ba ka wajen 900, na 2000 wajen 1800. In ka raba da 550, ƙaramin zai kai ku yini ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya, babban zai kai ku yini uku da 'yar saura.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren lissafi. Dare biyu babu ruwa ba yini biyu ba ne, yini uku ne. Ka ɗauka tankin ya cika daren Lahadi. Kun sha Litinin, da dare ruwa bai zo ba. Kun sha Talata, da dare shiru. Kun sha Laraba, sai da dare ya dawo. Sau uku ke nan kun ci lita 550, jimla 1650. Tankin 1000 zai ƙafe ranar Talata wajen la'asar, daidai lokacin da ake shirin ɗora tukunyar dare, kuma Laraba gaba ɗaya a hannun masu kurar ruwa za ku yi ta. Na 2000 zai kai ku daren Laraba da saura lita 150. Ba rara ba ce mai yawa, baƙi biyu daga Kuseri in suka sauka sun cinye ta, amma ya kai. Ta fuskar buƙata dai mai gyaran famfo ya fi mai shago gaskiya. Maganar mai shago tana tafiya ne a gidan da ruwa ke zuwa kowane dare, ko gida mai rijiyar burtsatse da injin turo ruwa, inda ake cika tanki duk lokacin da aka ga dama muddin akwai wuta.

Amma akwai abu biyu da za su iya juya hukuncin, kuma da wuya mai sayarwa ya tambaye ka su.

Na farko, shin ruwan zai iya cika babban tankin a daren da ya zo? Ruwa yana rasa ƙarfi gwargwadon hawansa, kowace mita 10 ta tsawo tana cin bar ɗaya, wato ma'aunin matsin ruwa, kuma ruwan dare a ƙarshen layi sau da yawa ba shi da ƙarfin kirki. Ka gwada da kanka. Daren da ya zo, ka ja tiyo zuwa saman ɗakin, daidai tsawon da bakin tankin zai tsaya, ka cika jarkar lita 20 kana duba agogo. In ta cika a minti biyu, lita 600 kake samu a awa, babban tankin zai cika cikin awa uku, shi ke nan ba matsala. In kuwa sai da ta ɗauki minti biyar, lita 240 ce a awa, ruwan da ya yi awa huɗu ya ɗauke bai ba ka ko 1000 ba. A irin wannan hali tankin 2000 da ya ƙafe rabinsa iska ce a daren farko, sai ruwa ya zo dare uku ko huɗu a jere kafin ya cika. Kada ka yi gwajin a famfon tsakar gida, can ƙasa gudun ya fi ƙarfi, zai ruɗe ka.

Na biyu shi ne nauyi, kuma shi na fi so ka tsaya a kai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin 1000 in ya cika tan ɗaya ne, na 2000 tan biyu, wato buhun siminti arba'in a jibge a wuri guda. Faɗin gindin babban tankin bai wuce mita ɗaya da santimita 40 ba, don haka kowace murabba'in mita ɗaya tana ɗauke da kusan kilo 1300. Rufin kankare na gidan zama kuwa galibi an lissafa shi ne ya ɗauki kilo 150 zuwa 200 a kan murabba'in mita, mutane da kayan ɗaki. Ko ƙaramin tankin ma ya zarce wannan nesa ba kusa ba, balle babban. Shi ya sa ba a ajiye tanki a tsakiyar rufi. Ana ɗora shi ne a kan ginshiƙi, ko inda bangon ƙasa biyu suka haɗu suka yi kusurwa, a kan dandamali shimfiɗaɗɗe wanda ya ɗauki gindin tankin gaba ɗaya. Tankin roba da aka ɗora a kan ƙarafa biyu da rata a tsakani, gindinsa zai lotsa a hankali har ya tsage ta wajen bakin fitar ruwa. In ɗakin na kwano ne a kan katako, ko ginin ƙasa ne, kada ma a fara. A gina masa hasumiyarsa daban, ta ƙarfe ko ta kankare, da tushe a cikin ƙasa. Alamar rufin da ya fara gajiya ita ce siririyar tsaga a silin ƙarƙashin tankin, ko danshi mai zagaye, ko ƙofar ɗakin ta fara cijewa. In ka ga ɗaya daga ciki, a sauke ruwan ranar, a kira magini.

Akwai masu cewa a sayi na 3000 ko 5000 a huta. Ban goyi baya ba ga gida irin naka. Sinadarin kilorin da kamfanin ruwa ke sawa yana gushewa cikin 'yan kwanaki, zafi kuma yana hanzarta shi. Ruwan da ke juyawa duk kwana biyu zuwa uku ya fi lafiya a kan wanda ya yi mako yana dahuwa a rana. Ko wanne ka saya, ka duba cewa haske ba ya ratsa jikinsa, don haske ne ke kawo gansakuka, murfinsa kuma ya rufu ruf saboda ƙurar hunturu da sauro.

Da gidana ne, ga yadda zan yi. In gwajin jarka ya nuna ruwa na hawa da ƙarfi, kuma akwai ginshiƙi ko hasumiyar da magini ya amince da ita, na 2000 zan ɗora. In ginin bai ba ni natsuwa ba, sai in sayi na 1000 guda biyu, in raba su a kan kusurwa biyu, in haɗa su da bututu ta ƙasa, kowanne da makullinsa. Ya ɗan fi tsada, amma nauyin ya rabu, kuma ranar wanke ɗaya gida bai zauna babu ruwa ba. In kuwa ruwan ba ya hawa sosai, sai babban ya zauna a ƙasa cikin inuwa inda ko raunannen ruwa zai shiga, na 1000 ya hau sama, ƙaramin inji ya riƙa tura masa. Wannan tsarin ya fi kowanne ajiya, kusan lita 2700, aibinsa kawai sai da wuta.

Bayan an ɗora, ka yi gwaji ɗaya a daren da ruwa bai zo ba. A rufe duk famfunan gida, ka tsoma sanda mai tsabta ka yi alama, da asuba kafin kowa ya yi alwala ka sake tsomawa. A tankin 1000 mai faɗin mita ɗaya da santimita 10, kowace santimita ɗaya kusan lita 10 ce, a na 2000 kuma kusan 15. In ruwan ya sauka da santimita biyar alhali ba wanda ya taɓa shi, akwai yoyo, kuma wuri na farko da za ka duba shi ne robar da ke cikin tukunyar bayan gida. Ka ɗiga ɗan shuɗin wanki a cikin tukunyar, ka jira minti goma ba a ja ba. In launin ya bayyana a cikin mazaunin bayan gidan, robar ce ta ci, a canja ta.