Fitilar zobe mai inci 10 wajen ɗaukar nasiha da waya: sharhi bayan amfani

Fitilar tana zuwa da ƙafa uku, da mariƙin waya a tsakiyar zoben, da igiyar USB mai maɓallan ƙara haske da sauya launi. Haskenta ya isa mutum ɗaya a zaune, amma yadda aka tsara ta, wato waya a tsakiyar zobe, bai dace da mai wa'azi ba. Hasken yana dukan fuska kai tsaye, goshi ya riƙa ƙyalli, fuskar ta baje babu inuwa ko kaɗan. In malamin yana sa tabarau kuwa, farin da'ira biyu ne za su rufe masa ido, alhali ido mai sauraro yake kallo.

Maganin shi ne a raba wayar da fitilar. A sama wa wayar tata ƙafar daban, a daidaita kyamarar baya da tsayin idon mai magana, tazarar kamar mita ɗaya da rabi. Fitilar kuma a matsar da ita gefe, kusurwar digiri 45, mita ɗaya daga fuska, ta ɗan ɗara kai tsayi tana kallon ƙasa. Nan take da'irar take barin tabarau, ɗaya kuncin ya sami inuwa mai laushi. In inuwar ta yi duhu, farin kwali a wancan gefen ya wadatar. Kada dai a ɗaga ta da yawa, don idanu za su faɗa cikin inuwar gira.

Inda aka fi faɗuwa shi ne fararen kaya. Waya tana ganin farar riga sai ta rage haske, fuskar ta yi duhu. Malam ya ɗaga littafi, hasken ya sake sauyawa. A danna fuskar a allo a riƙe har alamar AE/AF Lock ta fito, wato an kulle haske da saitin kyamara a kan fuskar, sannan a fara ɗauka. A kunna layukan Grid masu raba allon kyamara gida-gida, idanu su zauna a layin sama, hoton ya tsaya a tsakiyar ƙirji don hannu da littafi su shigo. A bar kyamara a 1x, domin 0.5x yana kumbura duk abin da ya matso kusa. Kujera kuma ta bar bango da aƙalla mita ɗaya, in ba haka ba inuwar kai za ta manne a bayansa.

Cikin launukan haske uku na fitilar, na tsakiya ya fi dacewa da fata, muddin an kashe ƙwan ɗaki. In an bar shi, rabin fuska rawaya, rabi fari.

Sauran aibin fitilar biyu ne. Ƙafar ba ta da nauyi, jan igiya kaɗan ke kayar da ita. Sannan da caja mara ƙarfi hasken yana rawa a bidiyo, sai an haɗa ta da kan caja mai 5V/2A.